Rahoton da bai kama sunan mai laifi ba

"Ina da shagon sari a Kasuwar Dole ta Damagaram da reshe a Matameye. Ɗan yayata ya sa mana sabuwar manhajar lissafi ranar Laraba da dare, washegari muka yi asarar jaka 680. Masanin kwamfutar da na ɗauko ya rubuta rahoto shafi uku, ga shi na haɗo, amma bai ce wane ne mai laifi ba, sai 'tsari' yake ta ambato. Na ce in kori yaron in cire kuɗina daga albashinsa, don ina shirin buɗe rassa uku bana. Ko an haɗa baki da shi ne?"

Alhaji, ba a haɗa baki da kowa ba. Na karanta rahoton, kuma a duk abin da ka kashe wa kuɗi a wannan harka shi ne ya fi amfani. Kuskurenka guda ne: kana neman wanda za ka rataya wa laifi, ka manta da ramin da ya faɗa, wanda har yanzu yana nan a buɗe.

Duba shafin farko, inda aka jera abin da ya faru awa bayan awa. Shagon Dole yana rubuta bashi da sefa. Reshen Matameye kuwa tun zamanin littafi da dala yake rubutawa, kamar yadda muke ƙirga kuɗi a baki, kuma da aka koma Excel haka aka ci gaba. Wanda ake bi jaka ɗari, a can an rubuta masa 20000, wato dala, tunda dala ɗaya sefa biyar ce. Sabuwar manhaja ta ɗauki lambar nan a matsayin sefa 20,000, jaka ashirin ke nan. Duk bashin Matameye ya koma kashi ɗaya cikin biyar a dare guda. Ranar Alhamis, ranar da kasuwa ta fi cika, mutum tara daga cikin masu bashin can suka shigo gari suka biya a Dole. Ana bin su jaka 850, allo ya nuna 170, aka karɓa aka ba su rasit cewa sun gama.

To ina ne aka rubuta cewa Matameye da dala take lissafi? Babu. Yana cikin kanka da kan tsohon mai kula da reshen. Ko wa ka zaunar a kujerar nan daren Laraba, da abin da ya sani a lokacin, haka zai yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan ne ya sa rahoton yake cewa "wanda ya shigar da bayanai" da "mai karɓar kuɗi" maimakon sunaye. Ba ya ɓoye abin da kowa ya yi, ai duk ya faɗa dalla-dalla. Tambayarsa dai ita ce me ya sa kuskuren hannu ɗaya ya wuce har aljihunka babu abin da ya tare shi.

Layin da ya fi tsaya mini a rai yana shafi na biyu. Ƙarfe tara da rabi mai karɓar kuɗi ya ga bashin wani tsohon abokin ciniki ya yi ƙanƙanta, ya yi shakka, ya yi shiru. Sai sha ɗaya da kwata, da wani mai tsoron Allah ya ce "bashina ya fi haka", aka tsayar. Mutum shida cikin taran nan a tsakanin lokutan biyu suka biya. Da aka tambayi mai karɓar kuɗin, ya ce an gaya musu na'ura ba ta kuskure, kuma wanda ya tsayar da layi ranar kasuwa ya san abin da zai ji. Wa ya gaya musu haka, ni da kai mun sani. Kuma da masanin ya shigo da fuskar ɗan sanda, wannan magana ba za ta fito daga bakin yaron ba har abada.

Na san wani mai sayar da siminti a nan garin da aka taɓa yi wa irin wannan wajen sauya farashi. Ya kori akawunsa a gaban jama'a, ya huce. Daga ranar duk wanda ya ga lissafi ya karkace sai ya gyara da biro a ɓoye, kada a ce shi ne. Sai da aka zo ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara ya ga gibin, kuma babu mai iya cewa daga wane wata ya fara. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dalar Amurka miliyan 440 cikin minti 45, saboda an sa sabuwar manhaja a na'urori bakwai an tsallake ta takwas. Hukumar da ta bincika ta gano cewa babu mutum na biyu da ke duba aikin, kuma babu rubutaccen tsarin da ya wajabta hakan.

Batun cire kuɗi daga albashi kuwa, in jaka 40 kake ba ɗan yayarka a wata, sai ya yi wata 17 yana maka aiki kyauta. Ba zai zauna ba, yayarka za ta daina gaishe ka, kuma mutumin da ya fi kowa sanin inda manhajar take tuntuɓe ya tafi da saninsa.

Ka koma shafi na uku, can kuɗinka yake. Kafin a sauya komai a tara jimillar bashin kowane reshe a tsohon lissafi, bayan an shigar a sake tarawa, mutum biyu su gwada su sa hannu. Bashin Matameye miliyan uku ne, manhajar ta nuna 600,000. Minti biyu sun isa a gani. A ajiye kwafin tsohon lissafi a wata na'ura daban, kuma a gwada dawo da shi tun kafin ranar buƙata, don daren nan an rubuta sabo a kan tsoho, littafin takarda ne ya cece ku. Kada a sake sauyi a jajibirin kasuwa. A fara da reshe ɗaya, littafi na tafiya tare da na'ura mako biyu. Sai na ƙarshe, wanda kai kaɗai za ka iya: ka tara yaranka ka ce duk wanda ya ga lamba ba ta yi masa ba, ya tsayar da karɓar kuɗi, ba za a yi masa faɗa ba ko da ya zama shi ne bai gane ba.

Abu ɗaya na ga ya rage a rahoton: gyare-gyaren nan ba su da mai su. A nan ne ake son sunaye. Ka sa masanin ya rubuta wa zai yi kowanne da ranar da zai gama, in ba haka ba takardar za ta kwana a durowa. Kuma kada ka ɗauka wannan salon yana wanke kowa. Da an ga ɗan yayarka ya rage bashin abokansa da gangan, ko ya goge bayanai don ya ɓoye, wannan ha'inci ne, hukuncinsa daban. A nan kuwa kowane mai bashi a Matameye ya ragu da kashi iri ɗaya, har waɗanda bai taɓa gani ba. Ɓarawo ba ya aiki haka.

Rassa uku da kake mafarki, ka jingine su tukuna. Rassa biyu ma ba su yarda da juna a kan ma'aunin kuɗi ba.

Jaka 680 ɗin nan ba duka ta tafi ba. Ka ɗauki littafin Matameye ka je wa mutum taran da kanka, kada ka aika yaro. Ka nuna wa kowa shafinsa, ka ce kuskuren daga wajenku ne, ka karɓi tsohon rasit ka ba shi sabo mai ragowar bashin. Yawancinsu suna son kaya bashi a wata mai zuwa, za su amsa. Wanda ya kafe a kan rasit ɗinsa, ka raba masa biya kashi uku, amma kada a ƙara ba shi kaya sai ya sa hannu a sabuwar takardar.