Hoton bakin jariri ne zuciyar takardar

Tambaya: "Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu a aiki. Ina ƙaramin asibitin unguwa a nan cikin birnin Kano, an ɗora min haɗa takarda mai hotuna da za mu riƙa ba masu jego, ta koya musu riƙon jariri da kama nono don shayarwa zalla ta wata 6. Me zan saka, me zan bari?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na daɗe a ɗakin haihuwa da wajen awo, bari in ba ki abin da idona ya gani.

Kafin komai, ki yanke wa takardar aiki ɗaya tak. Akasarin waɗanda ake kawo mana sai ki ga an cika su da amfanin nono, da abincin mai jego, da rigakafi, da tazarar haihuwa, sannan a matse hoton shayarwar a wani lungu. Ai matan Kano ba su ƙi shayarwa ba, kusan kowace tana ba ɗanta nono. Inda ake faɗuwa shi ne makon farko: kan nono ya tsage, yaro ya yi ta kuka, sai kaka ta ce nonon bai ishe shi ba, a ɗauko cokali da ruwa. Mafi yawan wannan kuwa daga kamun nono yake farawa. To ki ba gaban takardar gaba ɗaya ga bakin jariri, bayanta kuma ga riƙo.

Hoton bakin a zana shi babba, daga gefe, ya kusa cika rabin shafi. Abu huɗu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba, kuma dole ido ya iya ganin kowanne a zanen ba sai an karanta rubutu ba. Bakin ya buɗe sosai kamar mai hamma. Haɓar jariri ta taɓa nono, har ta ɗan nutse a ciki. Leɓen ƙasa ya juyo waje, ba ya naɗe ciki ba. Na huɗun shi masu zane suka fi ɓatawa: baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa a saman leɓen sama fiye da ƙasan leɓen ƙasa. Mai zane yana son abu ya daidaita, sai ya saka kan nono a tsakiyar baki daram, baƙin ya zo ɗaya sama da ƙasa. Ki zauna kusa da shi ki hana. Dalilin shi ne harshe da muƙamuƙin ƙasa su ke aikin fitar da nono, don haka su ya kamata su ɗebi nama mai yawa. Idan aka kama haka, kan nonon yana wucewa can ciki wajen ganɗa mai laushi, babu abin da zai goge shi. Idan kuwa kan kaɗai yaro ya cafka, dasashi ne ke murza shi a kowane tsotso, uwa ta sha zafi, shi kuma ya samu ɗan kaɗan. Kada ki rubuta "a saka duk baƙin a baki", domin wata nata faɗi gare shi, ba zai taɓa shiga duka ba, sai ki jefa ta cikin damuwa a banza.

A ƙarƙashin wannan sai hoton kamun da bai yi ba: baki a tsuke, haɓa nesa da nono, kumatu sun loɓa. Shi a yi shi ƙarami. Kuma kada ki dogara da alamar maki da ta kurosi irin ta malamin makaranta, ba kowa ya saba da su ba. Na ga uwar da ta ɗauki hoton kuskuren a matsayin wata hanya ta biyu da aka yarda da ita. Abin da ya fi aiki shi ne a sa 'yar fuskar uwa a gefen kowane hoto, ɗaya ta saki fuska, ɗaya ta cije leɓe ta yamutse. Wannan ko kakar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane.

Yanzu riƙo. Zanen da ake kwafowa daga littattafan waje uwa ce a kujera mai hannu, da matashi na musamman a cinya. Mai jegonmu a bakin katifa take zaune, ko a tabarma ta miƙe ƙafa. Ki zana ta haka, da zani da ɗankwali, ta jingina bayanta da bango, filo ko naɗaɗɗen zani a cinya don yaro ya taso. Mayafin ya rufe kafaɗa, nono ɗaya kawai ya bayyana iya abin da ake bukata. Takardar da ta buɗe jiki da yawa ba ta kwana a ɗaki, ana ninke ta a cusa ƙarƙashin katifa don kunyar surukai, musamman wadda ta haifi ɗan fari. A jikin yaron kuma a nuna kunne da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, ko da ɗigo-ɗigo ne a ja. Cikinsa ya manne da cikin uwa, hannunta ya tallafe shi tun daga wuya da kafaɗa har ɗuwawu, ba kai kaɗai ba. Hancinsa ne zai yi saitin kan nono kafin ya kama, ba bakinsa ba, don ya ɗan ɗaga kai ya zo da haɓa a gaba. Riƙo uku sun isa: na zaune da aka saba, na kwance a gefe saboda dare da mai ɗinki, da na ƙarƙashin hammata saboda wadda aka yi wa tiyata ko mai tagwaye.

Bari in ba ki labarin wata, ki ga yadda waɗannan suke haɗuwa a jikin mutum. Yarinya ce 'yar shekara 19, haihuwar fari, ta koma gida wanka, mahaifiyarta ta rako ta a kwana na 5. An haifi yaron da kilo 3.2, ranar ya sauka 2.9. Raguwa a kwanakin farko ba abin tsoro ba ce, amma wannan ta kusa kashi 10 cikin 100, nan ne muke buɗe ido. Kan nono duka biyu ya tsage, nonon ya cika ya yi tauri yana sheƙi. Hajiya ta ce tun jiya suke ɗiga masa ruwa saboda "maƙoshinsa ya bushe". Ban yi musu da ita ba, na ce a shayar in gani. Yaron yana rigingine a cinya cikin shawul mai kauri, wuyansa kaɗai ya murɗo. Uwar ta sunkuyo ta kai masa nono, ta datse bayan kan da yatsu biyu kamar almakashi, wai kada hanci ya toshe. Yana tsotso da sauri-sauri, kumatu na loɓawa, ana jin tsut-tsut. Da ya saki, kan nonon ya fito a lanƙwashe, gefe ɗaya a matse.

Muka rage shawul, muka jingina ta da bango. Na sa ta tatse kaɗan da hannu har baƙin ya yi laushi, domin nono mai tauri ba ya kamuwa. Yatsu huɗu suka koma ƙarƙashin nono can jikin ƙirji, babban yatsa a sama, nesa da baƙin. Ta shafa kan nono a leɓensa na sama, na ce ta jira. Jiran nan ne ke da wuya, ana ganin baki ya ɗan motsa sai a tura. Da ya wangame, ta jawo shi gaba ɗayansa zuwa jikinta. Karon farko bai yi ba, ta sa ɗan ƙaramin yatsa a gefen bakinsa ta zare a hankali, ba fizgewa ba, aka sake. A na gaba sai ta ɗago ta ce, "Anti, wallahi ba zafi kamar ɗazu." Tsotson ya koma a hankali, mai zurfi, yana yi yana hutawa. Na ce Hajiya ta matso da kunnenta ta ji haɗiya. Ita ce ta fara cewa, "Ikon Allah, ashe akwai ruwan nonon." A kwana na 14 yaron ya kai kilo 3.3, tsagewar ta warke, abin da ta shafa kawai nononta ne bayan kowace shayarwa.

Daga wannan za ki ga hotuna uku ƙanana da suka cancanci wuri: hannu a ƙarƙashin nono maimakon almakashi, jiran baki ya buɗe, da zare nono da yatsa. Ki jera su daga sama zuwa ƙasa da lamba 1, 2, 3. In kika jera su a kwance, wadda karatunta na allo da Islamiyya ne za ta iya farawa daga dama, ta bi matakan a juye. Rubutu kuma layi ɗaya gajere ƙarƙashin kowane hoto, da Hausar gida. In da wuri, ki sa ajami a ƙasan bokon.

Maganar ruwa kada ki yi mata dogon wa'azi, amma kada ki tsallake, domin a zafin Afrilu a Kano ita ce tambayar farko. Layi biyu sun wadatar: fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, in ana zafi a ƙara ba shi nono, uwa ce za ta sha ruwan. Sai ki ba su abin da za su ƙirga da kansu. Yaro ya sha aƙalla sau 8 a yini da dare, kuma daga wajen kwana na 5 ya yi fitsari mai haske sau 6 ko fiye. Zana nafkin 6 a jere. A ɗaya daga cikin hotunan ki sa dattijuwa zaune a gefen mai jego tana gyara mata filo, saboda a kwana arba'in ɗin nan maganarta ce ke tafiya a ɗakin.

Wajen bugawa, zanen layi baƙi a kan fari ya fi hoton kyamara. Kuɗin kala zai ƙare, a koma fotokwafi, a nan ne baƙin nono da leɓen yaro suke haɗewa su zama dunƙule ɗaya. Ki kwafi samfurin, ki sake kwafar kwafin, ki duba ko har yanzu ana bambance leɓen ƙasa. Sannan ranar rigakafi ki miƙa wa mata kamar goma, har da kakanni, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da bayani ba. Tambayar ita ce "me kika gani a nan?", ba "kin gane?" ba, don kowa zai ce miki ya gane. Wadda ta amsa, ki ba ta 'yar tsana ta kwatanta. Duk hoton da mutum uku suka fassara ba daidai ba, a mayar wa mai zane.

A ƙasan shafin baya ki ware akwati na lokacin da za a bar takarda a taho asibiti: yaro ya ƙi kama nono ko ya yi laƙwas, zazzaɓi ko sanyin jiki, jijjiga, numfashi da ƙyar, shawara a ido da jiki, fitsari ya ragu. Ga uwa kuma, nono ya kumbura gefe ɗaya da zafi da zazzaɓi, ko ciwon kan nono ya ƙi sauƙi bayan an gyara kamu, don wani yaron fatar ƙarƙashin harshensa ce ta ɗaure shi, sai an duba baki. Ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa yaron da ya ƙi nono asibiti za a kawo shi, ba wajen wanzami a cire beli ba. Kuma ki roƙi abokan aikinki kada a miƙa takardar a bakin ƙofa tare da katin sallama. A buɗe ta a gefen gado yayin da uwa ke shayarwa, a nuna haɓa a hoto, a nuna haɓar ɗanta, ta duba da kanta ta faɗi ko sun yi daidai.