Ma'auni huɗu, kamfani ɗaya: yadda ake jera amsa a jarrabawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekara ta uku a fannin sarrafa kamfanoni a Jami'ar Ngaundere. An ba mu labarin wani kamfani da ke durƙushewa, aka ce mu auna shi da PESTEL, da ƙarfi biyar na Porter, da sarƙar daraja, da SWOT. Na cika duka huɗun, shafi bakwai, amma na samu maki 8 cikin 20. Malamin ya rubuta cewa na jera ne kawai, ban yi nazari ba. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Na duba takardu irin taki da yawa, kuma abin yana damuna, domin masu su sun yi karatu. Inda suke tuntuɓe shi ne sun ɗauki ma'aunan nan kamar buhuna huɗu da za a cika a jingine. Mai dubawa kuwa abu ɗaya yake nema: me ke kashe kamfanin nan, kuma me za a yi? Kowane ma'auni tambaya ɗaya yake amsawa, sannan ya miƙa abin da ya gano ga na gaba.

Bari mu ƙaddara an ba ki kamfanin matsar man gyaɗa a Garwa. Shekara biyu da suka wuce yana sayar da lita 400,000 a shekara, yanzu 320,000. Farashin lita bai motsa ba, sefa 1,500. Abin da kowace lita ke ci na gyaɗa da wuta da jarka ya tashi daga 1,050 zuwa 1,200. Albashi da haya da sauran kuɗin da ba ruwansu da yawan ciniki miliyan 120 ne a shekara.

Kafin ki taɓa kowane ma'auni, ki ɗauki alƙalami ki yi lissafi a takardar gwaji. A da kowace lita tana barin 450, sau 400,000 ya ba da miliyan 180, a cire 120, riba miliyan 60. Yanzu tana barin 300, sau 320,000 ya ba da miliyan 96, a cire 120, asara miliyan 24. Ke nan tazarar miliyan 84 ce. Ki raba ta biyu: raguwar ciniki ta ci miliyan 36, wato lita 80,000 sau 450, tsadar sarrafawa kuma ta ci miliyan 48, wato 150 sau 320,000. Sai ki lura da wani abu: ko da ciniki ya koma lita 400,000 gobe, 300 sau 400,000 miliyan 120 ne cif, ba riba ba asara. Yawancin ɗalibai za su rubuta cewa kamfanin ya rasa masu saye, a ƙara talla. Alƙaluman sun ce ciwon ya fi tsanani a wajen sayen gyaɗa da sarrafawa.

Wannan shi ne zai zama gabatarwarki, layi takwas ko goma: halin da kamfanin ke ciki da alƙaluma biyu ko uku, sai tambayar da duk amsar za ta rataya a kanta, misali "ta yaya zai dawo da ribar kowace lita alhali ba zai iya ƙara farashi ba?", sai ki sanar da kashi biyun da za ki bi, gano ciwo da kuma magani. Malamanmu da suka taso a tsarin Faransa suna neman wannan tambayar da idonsu tun a shafin farko.

A kashi na farko ki taho daga waje zuwa ciki. PESTEL yana da gida shida, wato siyasa, tattalin arziki, zamantakewa, fasaha, muhalli da doka, amma ba dole ba ne ki ba kowanne sakin layi. Ki zaɓi biyu ko uku da suka taɓa miliyan 84 ɗin nan. Idan labarin ya ambaci ɗaukewar wuta, ki haɗa shi da abin da kika sani: arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo wajen samun wuta, idan ruwa ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, kamfani ya koma janareta, lita ta ƙara tsada. Idan ya ambaci kayan Najeriya, ki tuna Naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, don haka abin da ya tsallako iyaka yana iya zuwa da araha. Sauran gidajen jimla ɗaya ta ishe su, ki ce ba su da nauyi a wannan labarin. Faɗin haka ma maki ne.

Daga nan sai ƙarfi biyar da Michael Porter ya fitar a 1979. Nan ɗalibai ke yawan zamewa, domin wannan ma'auni kasuwar man gyaɗa gaba ɗaya yake aunawa, ba kamfanin ba. Tambayarsa ita ce wa ke da ikon matse riba. A misalinmu, man auduga da tataccen manja suna tsaye a matsayin madadi, su ne suka danne farashi a 1,500. Dillalan gyaɗa kuma suna da ƙarfi idan kaka ta yi nisa. Ki rufe da jimlar da za ta buɗe ƙofa ta gaba: an matse kasuwar daga sama da ƙasa, to me ya sa wannan kamfanin ya fi takwarorinsa jin jiki?

Amsar wannan tana cikin gida, kuma nan sarƙar daraja take aiki. Ki bi gyaɗar daga saye zuwa ajiya, matsa, zubawa a jarka, har sayarwa, ki nemi gaɓar da kuɗi ke zuba. Mu ce labarin ya nuna kamfanin ba shi da sito, wata-wata yake sayen gyaɗa. To kin ga ƙarfin dillalan da Porter ya nuna ya samo asali ne daga raunin kamfanin kansa. Irin wannan jimlar da ta ɗaure ma'auni biyu ita ce malaminki yake kira nazari, kuma idan ni ke dubawa, ita nake ja wa layi.

SWOT a ƙarshe yake zuwa, kuma kada wani sabon abu ya shiga cikinsa. Dama da barazana daga ma'auni biyun farko za su fito, ƙarfi da rauni daga sarƙar daraja. Hanyar gane kin ɓata: idan kika ga "tsadar gyaɗa" a gidan rauni, kin haɗa waje da ciki. Tsadar barazana ce, rashin sito shi ne rauni.

A kashi na biyu shawara biyu ko uku sun isa, kowace da lissafinta da kuma iyakarta. Idan sayen gyaɗa lokacin kaka ya rage 100 a lita, kowace lita za ta bar 400, sau 320,000 miliyan 128, riba miliyan 8 ke nan kafin a cire hayar sito da kuɗin ruwan bashi. Ki faɗi haka ƙarara, ki ƙara da cewa kamfanin da ke asara ba lallai banki ya ba shi jari ba, kuma gyaɗar da aka ajiye da danshi tana fumfuna. Talla ta biyo baya, tunda kin riga kin nuna ita kaɗai ba ta fitar da shi.

Idan awa uku aka ba ku, ki kashe minti 30 a karatu da lissafi, 20 a tsara amsa, 110 a rubutu, 20 a bita. Cikin 110 ɗin ki keɓe wa shawarwari aƙalla 35 tun farko, ki rubuta lokacin da za ki fara su a gefen takardar gwaji, domin PESTEL yana da saurin cinye awa guda ba ki ankara ba.