Katan nawa, a wane layi, zuwa yaushe?

"Maigida, Allah ya ƙara girma. An ɗora ni a kan yara huɗu masu kai kaya shaguna, taliya da sabulu da man girki, aka ce in yanka wa kowa abin da zai sayar bisa tsarin SMART. Na ce kowa ya kawo cinikin naira miliyan biyar a wata. Na Kasuwar Barci ya wuce tun wata bai ƙare ba, na Rigasa ko kusa bai yi ba, har ya fara zancen barin aiki. Ina na kuskure?"

Ɗana, wuri biyu ka kuskure, kuma duka ana gyara su a zama ɗaya. Ka ɗinka wa mutum huɗu riga da awon mutum ɗaya, sannan ka auna su da naira, abin da ba ya tsayawa wuri guda. Kada ka bari yaron Rigasa ya tafi. Mai yiwuwa ya fi kowa zubar da gumi a cikinsu, kai ne ba ka da ma'aunin da zai nuna maka.

SMART haruffa biyar ne na farkon kalmomin Turanci biyar, wani Ba'amurke mai suna George Doran ya fitar da su a 1981. Yadda ake koyar da su yanzu, buƙatar ita ce abin da ka yanka wa mutum ya zama takamaimai, ya ƙirgu, ya zama zai iya kaiwa, ya dace da abin da gidan ke nema, kuma ya kasance da ranar ƙarewa. A wurin Doran harafi na uku yana nufin a san wuyan wa aikin ya rataya, daga baya ne aka juya shi. Ni duka biyun nake riƙewa, domin na sha ganin yara biyu suna cacar baki a bakin sito a kan wa ya kawo wani mai shago.

Mu fara da naira. A ce katan ɗin taliya yana naira 10,000, yaro ya sayar da 400, ciniki ya kama miliyan huɗu. Wata mai zuwa kamfani ya ƙara kuɗi, katan ya koma 11,500. Ya sake sayar da 400 ɗin nan, ko ɗaya bai ƙara ba, amma littafi zai nuna miliyan huɗu da dubu ɗari shida. Za ka ga ƙarin kashi 15 cikin ɗari, ka yi masa sambarka, ka biya shi kamasho a kan aikin da farashi ya yi. Mun ga wannan da idonmu bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023: kuɗin da ke shigowa yana hawa, kayan da ke fita daga sito yana raguwa, masu kallon naira kaɗai ba su farga da wuri ba. Saboda haka ka ƙirga katan. Naira ta akawu ce, ya riƙe ta don lissafin riba.

Yanzu ɗauko littafin sito mu yi na Rigasa tare, ka ga yadda ake yi, sauran ukun ka yi da kanka. Ka duba wata uku na baya, amma ka tsallake watan azumi da makon sallah, domin a lokacin kayan abinci kansu suke sayar da kansu. A ce ka samu 380, da 410, da 410. Ka haɗa ka raba uku, ya ba ka 400. Wannan shi ne ƙarfinsa na yau, a layinsa, da kekensa, da irin shagunan da yake shiga. Na Kasuwar Barci zai iya sauke katan ashirin a rumfa ɗaya bai motsa ba. Na Rigasa sai ya bi lungu-lungu, wannan mai tebur ya ɗauki ɗaya, wancan mai shago ya ɗauki biyu, wani ya ce a dawo gobe maigidan ba ya nan. Kowa da inda za ka fara auna shi.

Daga 400 kana so ka kai shi 460. Kafin ka faɗa masa, ka tambayi kanka daga ina sittin ɗin nan za su fito, domin idan kai ba ka iya nunawa ba, shi ma ba zai gani ba. A ce yana da shago 80 masu saye a kai a kai, kusan katan biyar-biyar a wata. Ka zauna da shi ku bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ku ware talatin da kayansu ke ƙarewa kafin ya zagayo. Waɗannan kowanne zai iya ƙara katan ɗaya, talatin ke nan. Ragowar talatin su fito daga sabbin shaguna goma. Kada ka lissafa wa sabon shago katan biyar. Sabon kwastoma gwada ka yake yi, yana da wanda ya saba saye a wurinsa, uku ma ya yi ƙoƙari. Goma sau uku talatin, lissafi ya cika.

Sai ka duba ko hanya za ta ɗauka. Idan ana aiki Litinin zuwa Asabar, wata yana ba ka kwana 26 ko kusa da haka, 460 kuwa ya kama kusan katan 18 a rana. Kekensa na ɗaukar haka? Sito na sallamarsa da safe, ko sai rana ta take yake fita saboda ana jiran mai makulli? Kayan ma suna nan? Ba a yanka wa yaro katan ɗin da babu shi a sito. Idan kuma watan Agusta ne, ruwa ya sauka, wasu lungunan sun zama taɓo, ka rage da hannunka tun farko, ya fi a zo ƙarshen wata ana ba ka uzurin da ka san gaskiya ne.

Abin da zan fi daɗewa a kai shi ne me ake kira "an sayar", don a nan na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na sa wa yarana kyauta a kan yawan katan, ban faɗi komai a kan kuɗi ba. Wani yaro, mai ƙwazo ne kuwa, ya cika nasa a kwana ukun ƙarshen wata. Na ba shi kyautarsa a gaban kowa. Mako bai zagayo ba sai ga keke a ƙofar sito da katan-katan an dawo da su, wasu gefensu ya jiƙe, wasu ɓera ya taɓa. Ashe roƙon masu shago ya yi su ajiye masa, "in an sayar a biya". Abin da bai dawo ba kuma ya zama bashin da muka yi wata uku muna bi. Ban ga laifinsa kamar yadda na ga nawa ba, domin abin da na ce zan ƙirga shi ya kawo mini.

Tun daga ranar, katan ba ya shiga lissafin yaro sai kuɗinsa ya shigo, ko a hannu ko alat ya faɗo a asusun gida. Bashi kuwa ba a hana shi a kasuwa, sai dai a yi masa shinge: wanda ya wuce kwana 14 kada ya haura kuɗin katan 40 a layinsa, in ya haura a tsayar da ba shi sabon bashi har ya karɓo. Alamar cushen kaya ba ta ɓuya. Ka duba kwanakin rasit. In ka ga kashi ɗaya cikin uku na cinikin wata ya taru a kwana ukun ƙarshe, makon farko na sabon wata kuma ya yi tsit, to kayan suna jibge a shagunan mutane, ba su tafi ko'ina ba.

Haka "sabon shago" ma sai ka fayyace shi. A wurina sabo shi ne wanda bai sayi kayanmu ba a cikin wata uku da suka wuce, ya saya sau biyu cikin watan nan, ya kuma biya. In ba haka ba za ka ga Alhaji ɗaya ya zama mutum uku a littafi, shi da ƙanensa da yaron shagonsa. Ka riƙa zaɓar biyu cikin goman kana zuwa da ƙafarka. Ba zargi ba ne, kai ma kana bukatar masu shagon su san fuskarka.

Akwai kuma tambayar da za ka kai wa mai gidan kafin ka rubuta komai: me ya fi so a watan nan? Idan ka ce katan kawai, yaro zai tura abin da ya fi saurin fita, wanda sau da yawa shi ne mai ƙaramar riba, ya bar wanda ke kwance a sito ranar lalacewarsa tana matsowa. In man girki ne ke ɗauke da ribar, ka ce cikin 460 ɗin aƙalla 80 su zama na mai. Amma ka tsaya a nan. Katan, sabbin shaguna, bashi, da wannan sharaɗi ɗaya sun isa. Abin da yaro ba zai iya maimaita maka da ka ba yana kan keke, ba zai yi aiki da shi ba.

To ga yadda takardarsa za ta fita. Daga ɗaya ga wata zuwa ranar ƙarshe, wane zai sayar da katan 460 da aka biya kuɗinsu a layin Rigasa, aƙalla 80 na man girki, ya shigo da sabbin shaguna goma, bashin da ya wuce kwana 14 kada ya haura kuɗin katan 40. Ka rubuta inda layinsa ya fara da inda ya tsaya, da sunan titi, don kada ya yi karo da ɗan'uwansa. Ku karanta tare, in yana da ja ya faɗa a lokacin, ku sa hannu, ya riƙe kwafi ɗaya.

Kada ka jira ƙarshen wata ka buɗe littafi. Duk Asabar da yamma, bayan an rufe sito, ku duba. Mako yana neman kusan katan 108, wato bayan mako biyu ya kamata ya kusa 215. In ka same shi a 180, kada ka fara da faɗa, ka nemi inda ya zube. Idan yana shiga shagunan amma ba a saye, ko farashinmu ne ya fi na wani dila, ko yadda yake magana da su ne, wannan sai ka bi shi yini guda ka ji da kunnenka. Idan shigar ce ba ya yi, ka duba ƙarfe nawa yake barin sito da yawan lalacewar keken. Idan ana saye kuɗin ne ba ya shigowa, ku ware masu riƙe kuɗin, ka raka shi wurin manyan cikinsu, domin akwai dattijon da ba zai ji nauyin yaro ba amma zai ji naka.

Kamashon kuma kada ka sa shi ya zama sai an taɓa 460 cif. Wanda ya tsaya a 450 ya tashi hannu rabbana, wata mai zuwa ko dai ya cusa kaya ko ya karaya. Ka fara biya daga 400 ɗin da ya saba, kowane katan a sama da haka da ɗan abinsa, in ya kai 460 a ɗora masa kyauta. In kuma duka huɗun suka wuce nasu tun mako na uku, to abin da ka yanka musu ya yi kaɗan. In duka suka gaza, ka fara duba sito da farashi kafin ka kira kowa.

Gobe da safe ka nemi yaron Rigasa kafin ya ɗora kaya, ka gaya masa an janye miliyan biyar ɗin. Sai ka zo mini da littafin sito bayan la'asar, mu fitar da na Kawo da na Kakuri.