Hukuncin rubuta "da ba don ku ba" a ƙarƙashin hoton kammala karatu

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne daga Unguwar Rogo a nan Jos, na kammala digirina a Jami'ar Jos. Ranar bikin yaye mu na ɗauki hoto da mahaifina da mahaifiyata ina sanye da rigar kammala karatu, na ɗora a Facebook da WhatsApp, na rubuta a ƙasa: "Na gode wa Allah da iyayena. Baba da Mama, da ba don ku ba da ban ga wannan rana ba. Ku ne komai nawa. Yau na biya ku wahalar da kuka sha a kaina." Mahaifina ɗan kasuwar gwari ne a Farin Gada, da kuɗin tumatir da kabeji ya biya min makaranta, mahaifiyata kuma sau biyu tana kwasar adashinta ta ba ni. Wani abokina ya kira ni ya ce na yi shirka, na haɗa Allah da mutane, in goge in sake kalmar shahada. Na goge, amma hankalina bai kwanta ba. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a karatun, ya saka wa iyayenka da alheri.

Ɗana, ba ka fita daga Musulunci ba, kuma babu wata kalmar shahada da aka wajabta maka sakewa saboda wannan rubutu. Abokinka ya ji ƙamshin wata mas'ala ta gaskiya, sai dai ya aza ta inda ba wurinta ba, ya kuma yi gaggawar hukunci. Rubutun naka jimla huɗu ne, hukuncinsu kuma ba ɗaya ba ne. Wadda ta fi buƙatar gyara ma ba ita abokin naka ya kama ba.

Jimlar farko, "na gode wa Allah da iyayena", babu laifi a cikinta ko kaɗan, domin Alƙur'ani ne ya fara jera su haka. A Suratu Luƙman, aya ta 14, bayan Allah ya ambaci yadda uwa ta ɗauki ciki cikin rauni a kan rauni, da yaye a shekara biyu, sai ya ce: "Ka gode mini da iyayenka, zuwa gare ni makoma take." Harafin da ya haɗa su a ayar wawun ne, wato "da" ɗinmu na Hausa. Godiya haƙƙi ce da bawa yake bai wa Allah a matsayinsa na mai ni'ima, yake kuma bai wa mutum gwargwadon abin da ya gudana ta hannunsa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah. Saboda haka wanda ya hana ka wannan jimla ya hana abin da aya ta zo da shi.

Inda aka hana "da" wani wuri ne daban, kuma daga nan ruɗanin abokinka ya taso. Wani mutum ya ce wa Annabi, "Abin da Allah ya so kai ma ka so." Annabi ya tsawatar masa ya ce, "Ka mayar da ni kishiyar Allah? Ka ce abin da Allah shi kaɗai ya so." A hadisin Huzaifa wanda Abu Dawud ya ruwaito kuma ya koyar da mafita: kada ku ce abin da Allah ya so da abin da wane ya so, ku ce abin da Allah ya so sannan wane ya so. Abin da ake magana a kai a nan shi ne nufi da zartar da al'amari. Waɗannan na Allah ne, nufin bawa yana biye ne a baya, shi ya sa aka sa "sannan" domin ta nuna wanda ke gaba da wanda ke bi. Haka ake yi a duk maganar da ke nuna wa ya sa abu ya faru ko wa ake jingina da shi. A hadisin kuturu da mai sanƙo da makaho da ke cikin Bukhari da Muslim, mala'ikan da ya zo cikin siffar matafiyi cewa ya yi ba shi da mai isar da shi yau sai Allah sannan kai. Ka ga ke nan mai cewa "da ikon Allah da ikon Baba na gama" ya faɗa cikin abin da aka hana, mai cewa "na gode wa Allah da Baba" kuwa bai faɗa ba.

Sai jimla ta biyu, "da ba don ku ba da ban ga wannan rana ba". A nan malamai sun yi magana mai tsawo, kuma dole a kawo ɓangarorin biyu. An ruwaito daga wasu magabata cewa sun ƙi irin wannan lafazi. A tafsirin aya ta 83 ta Suratun Nahl, wadda ke cewa suna sanin ni'imar Allah sannan su musanta ta, Aunu ɗan Abdullahi ya ce su ne masu cewa da ba don wane ba da kaza bai faru ba. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ya lissafa faɗin mutum "da ba don karen nan ba da ɓarayi sun shigo mana" cikin ɓoyayyar shirka. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim. Abbas ya tambayi Annabi ko ya amfana wa baffansa Abu Ɗalib da wani abu, Annabi ya ce eh, yana inda wuta ba ta da zurfi, "da ba don ni ba da yana can ƙarƙashin wuta." Annabi ya faɗi lafazin da bakinsa, kuma babu wanda ya fi shi tsare tauhidi.

Hanyar da ta haɗa waɗannan ruwayoyi ita ce a duba sababin da aka jingina wa abin, a kuma duba zuciyar mai maganar. In ya jingina wa abin da ba sababi ba ne, kamar ɗalibin da zai ce da ba don layar da aka ɗaura min ba da na faɗi jarrabawa, ko da ba don wani mamaci da na kira ba, wannan shirka ce, girmanta gwargwadon abin da ya ƙudurce. In kuma ya jingina wa sababi na gaskiya da kowa ke gani, yana ba da labari ne, zuciyarsa ta san Allah ne ya hore sababin, to ya halatta. Abin zargi shi ne a tsaya a kan sababi a manta da wanda ya kawo shi. Kai kuwa iyayenka sababi ne da babu mai musu a kai. Mutum ya yi sammako cikin sanyin Jos na watan Disamba yana jiran motar kaya ta sauke kwandunan tumatir, ya tara ya biya maka kuɗin rajista. Kuma da godiyar Allah ka buɗe rubutun, wanda ya nuna ba ka manta ba. Hukuncin jimlar taka halal ne. Abin da ya fi, kuma shi nake zaɓar maka, ka rubuta "da ba don Allah ba sannan ku", domin ka fita daga saɓani, kuma masu karantawa da yawa za su kwafi lafazinka ba tare da sun san niyyarka ba. Abin da ba za ka rubuta ba shi ne "da ba don Allah da ku ba". An ruwaito daga Ibrahim Annakha'i cewa ya yarda da na farko ya ƙi na biyu.

"Ku ne komai nawa" maganar ƙauna ce da ake kambamawa, babu Bahaushen da zai ji ta ya fahimci kana nufin su ne suka halicce ka. Ba shirka ba ce. Amma ba gaskiya ba ce a zahirinta, barinta ya fi.

Jimlar da nake so ka cire gaba ɗaya ita ce ta ƙarshe, "yau na biya ku wahalar da kuka sha a kaina". Wannan kuskure ne, ko da yake da kyakkyawar niyya ka faɗa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya ce ɗa ba ya iya saka wa mahaifinsa sai dai in ya same shi bawa ya saye shi ya 'yanta shi. Bukhari kuma ya kawo a Al'adabul Mufrad cewa Abdullahi ɗan Umar ya ga wani mutumin Yaman yana ɗawafi goye da mahaifiyarsa. Mutumin ya tambaye shi ko yana ganin ya biya ta, ya ce a'a, ko nishi ɗaya na naƙuda bai biya ba. To in goyon uwa a ɗawafi bai biya ba, ina ga takardar digiri, wadda amfaninta na farko kai zai koma wa? Har yanzu ko hidimar ƙasa ba ka tafi ba, wataƙila ma kuɗin motar zuwa sansani daga aljihun Baban zai fito. A maimakon wannan jimla ka sa addu'a. Tirmizi ya ruwaito daga Usama ɗan Zaid cewa wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai alherin "Allah ya saka maka da alheri", to ya kai maƙura wajen yabo. Ga kuma addu'ar da Allah ya koyar a Suratul Isra'i, aya ta 24, ta roƙon ya ji ƙan iyaye kamar yadda suka rene ka kana ƙarami.

Ba ka tambayi hukuncin hoton kansa ba, zan taɓa shi a gurguje. Malaman wannan zamani sun saɓa a kan hoton kyamara, wasu sun hana sai da larura, wasu sun halatta saboda kama siffa ce ba zane da hannu ba. Ni ina tare da masu halattawa matuƙar abin da ke cikin hoton halal ne. Sai dai fuskar mahaifiyarka haƙƙinta ce. In ba ka nemi izininta da na mahaifinka ba kafin ka ɗora, ka nema yanzu, in sun ƙi ka sa naka kai kaɗai. Haka zancen adashinta, ni ka gaya min domin fatawa, amma kada ka baza shi a rubutu, domin akwai iyayen da suke jin an tona musu asiri in aka faɗi yadda suka yi fama.

In za ka mayar da hoton, ga lafazin da babu abin cewa a kansa: "Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah da iyayena. Baba da Mama, da ba don Allah ba sannan ku da ban ga wannan rana ba. Ba zan iya biyan ku ba. Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙanku kamar yadda kuka rene ni ina ƙarami."

Da yawa daga cikin iyayenmu na kasuwa 'yar ƙaramar waya mai tocila suke riƙewa, ba za su taɓa ganin abin da aka rubuta a Facebook ba. In mahaifinka yana cikinsu, to godiyar da ayar Luƙman ta yi umarni da ita ba ta isa gare shi ba tukuna. Ka same su a gida, ka durƙusa ka faɗa musu waɗannan kalmomi da bakinka. Abokinka kuma ka nuna masa hadisin Abbas cikin ladabi, ka gaya masa ya riƙa tambaya kafin ya ce wa Musulmi ya sake shahada.

Wallahu a'alam.