Amoksisilin ya gaza, an ƙara masa kilabulanik ya yi aiki: me ya canza?

Tambaya daga wani magidanci a Garwa: "Likita, ɗana mai shekara 3 ya yi ciwon kunne da zazzaɓi. An ba shi siron amoksisilin, kwana 3 babu sauƙi. Da muka koma aka canza masa wani, na duba kwalin na ga amoksisilin ɗin ne dai, sai an ƙara asid kilabulanik, ga tsada. Amma shi ya yi aiki. Ƙarfi aka ƙara masa? Me zai hana a fara da shi kullum?"

Malam, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ba ƙarfi aka ƙara ba, mai gadi aka haɗa maganin da shi.

Kusan kowace ƙwayar bakteriya tana zaune ne cikin bango mai kama da saƙar raga, kuma muddin tana girma tana rabuwa, ba ta daina ɗinkin wannan bango. Masu ɗinkin wasu sinadarai ne da muke kira PBP. Amoksisilin da danginsa, wato fenisilin, amfisilin, seftiriyakson da sauransu, duk suna da wani ɗan zobe mai kusurwa 4 a jikinsu, shi ne beta-laktam. Zoben nan ya yi kama da zaren da maɗinkin ya saba kamawa. Da ya cafke shi sai ya maƙale masa, ɗinki ya tsaya, bango ya yi rauni, ƙwayar ta kumbura ta fashe.

To, wasu ƙwayoyin suna ƙera almakashi, sunansa beta-laktamas. Yana tarar maganin tun kafin ya kai ga maɗinkin, ya datse zoben, ya saki, ya kama na gaba. Almakashi ɗaya kan datse ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Abin ba sabo ba ne: tun 1940 Abraham da Chain suka bayyana shi a Oxford, kafin fenisilin ya wadatu a asibitoci. Abin da ya fi damunmu shi ne umarnin ƙera shi yakan zauna a kan ɗan guntun gado mai suna filasmid, wanda ƙwaya ke miƙa wa maƙwabciyarta ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Asid kilabulanik an samo shi ne daga wata ƙwayar ƙasa, Streptomyces clavuligerus, a kamfanin Beecham na Ingila cikin shekarun 1970, aka fara sayar da haɗinsa da amoksisilin a 1981. Shi kaɗai ba ya kashe ƙwaya yadda za a dogara da shi. Amma yana da irin zoben nan, don haka almakashi yakan ɗauke shi a matsayin abin datsewa. Da ya sa baki sai kilabulanik ya sauya siffa ya manne a daidai wurin yankan, almakashin ya tashi daga aiki. Shi ma kilabulanik ɗin ya ƙare ke nan, amoksisilin kuwa ya wuce lafiya ya je ya yi aikinsa.

Ban ga kunnen yaronka ba, amma ga yadda nake karanta labarin. Ƙwayoyi 3 ne suka fi kawo ciwon kunnen yara. Biyu daga ciki, Haemophilus influenzae da Moraxella catarrhalis, almakashi ne makaminsu: wani kaso na ta farko yana da shi, ta biyun kuwa kusan dukkanta. Yaron da ya sha amoksisilin daidai ƙa'ida na kwana 2 zuwa 3 bai ji sauƙi ba, aka ƙara kilabulanik zazzaɓi ya sauka, ya fi kama da mai ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Na ce "ya fi kama" ne saboda ciwon kunne da yawa kan warke da kansa a daidai wannan lokaci, sai magani na biyu ya kwashe yabo.

Ta ukun, Streptococcus pneumoniae, ita ce amsar tambayarka ta ƙarshe. Ba ta da almakashi ko kaɗan. Idan ta bijire, maɗinkinta ta sauya wa siffa, yadda magani ba ya kama shi da kyau. A nan kilabulanik ba shi da abin yi, don babu wanda zai tare. Abin da ke aiki shi ne ƙara yawan amoksisilin ɗin kansa, zuwa miligiram 80 ko 90 a kowane kilo na nauyin yaro a rana. Haka ma ƙwayar maruru da ake rubuta wa MRSA, ko SARM a takardun Faransanci: ta samo sabon maɗinki gaba ɗaya, PBP2a, kuma ko kwali nawa aka sha na wannan haɗi ba zai taɓa ta ba. Wasu ƙwayoyin hanji da na fitsari kuma ƙofofin shiga suke ragewa, ko su yi ta tunkuɗo maganin waje. Kai, ko a cikin almakasan ma ba duka kilabulanik ke iya toshewa ba. Irin su AmpC da NDM sun fi ƙarfinsa.

A ɗakin gwaji da ido muke ganin wannan. Mukan shimfiɗa ƙwayar a faranti, mu ɗora 'yan ƙananan takardu masu magani, mu bar shi ya kwana a ma'aunin zafi 35. Da safe sai ka ga ƙwaya ta tsiro har gindin takardar amoksisilin, amma kewayen wadda aka rubuta AMC, wato haɗin amoksisilin da kilabulanik, fili ne fetal. Wannan fili shi ne aikin kilabulanik. Idan duka biyun babu fili, to a nemi wani magani, kuma shi ya sa ciwon da ya ƙi ji ko yake dawowa, musamman na fitsari, ya cancanci gwajin da ake kira antibiyogiram. Ku a Garwa kuna da reshen Santir Fasto, cibiyar gwaje-gwajen asibiti.

Sannan haɗin yana da nasa nauyi. Siron da aka fi gani a farmasin ƙasar nan yana da miligiram 100 na amoksisilin da 12.5 na kilabulanik a kowane mililita. Yaro mai kilo 14 a kan miligiram 80 zai sha kusan mililita 11 a rana, a raba 3, wato kilabulanik wajen miligiram 140. Uwar da ta ninka don ciwo ya yi saurin tafiya ta ninka kilabulanik ma, shi kuwa gudawa yake jawowa. Shi ya sa ake ba da shi a farkon cin abinci. A manya, jefi-jefi yakan taɓa hanta, ido ya yi rawaya, wani lokaci ma bayan an gama sha. Wanda kuma fenisilin ke sa wa ƙaiƙayi da kumburi, wannan ma fenisilin ne, kada ya kusance shi.

Abu na ƙarshe da nake yawan faɗa da iyaye a kai shi ne ajiya. Kilabulanik ba ya jure zafi da danshi, ya fi amoksisilin saurin lalacewa. Da an zuba ruwa a garin, firji ne wurinsa, kwana 7 kacal. Na sha ganin kwalba a kan taga a watan Afirilu, farin ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, uwa tana cewa magani ba ya aiki. Irin wannan a mayar wa mai farmasi, a karɓi sabo a ƙarasa kwanakin da likita ya rubuta.