Hukuncin zuba kuɗi a inda aka yi alkawarin ninka su cikin wata guda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Wani abokina ya shigar da ni wani kamfani da ake zuba kuɗi ta waya, sun ce cinikin kirifto suke yi. Na zuba naira 200,000, bayan kwana 30 aka turo mini 400,000. Duk wanda na kawo kuma ina da kashi 10 cikin ɗari na abin da ya zuba, har na kawo ƙanwata da maƙwabcina. Shin wannan riba halal ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan mu'amala haramun ce, tun kafin a zo maganar ko 'yan damfara ne.

Ba da jari ga wani ya juya, shi ne malaman fiƙihu ke kira ƙiradi ko mudaraba, kuma halal ne da sharuɗɗansa. Rabon da ake yankewa na ribar da aka samu ne, kamar rabi ko sulusi, ba wani adadi da aka ɗora a kan uwar kuɗi ba. Ibnul Munzir ya hakaito ijma'in malamai cewa ƙiradi ya ɓaci idan ɗayansu ya sharɗanta wa kansa wasu dirhamai sanannu. In kuma aka faɗi ba tare da sakaci ba, asarar dukiya ta mai dukiya ce, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. To wanda ya ce maka uwar kuɗinka ba za ta taɓu ba, ga ninki ranar kaza, rance ya karɓa da sharaɗin ƙari. Sunan wannan riba, wato kuɗin ruwa, wadda Allah ya haramta. Ga kuma garari, domin ba ka san abin da ake saye da sayarwa ba, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari.

Yanzu ɗauki alƙalami. Naira 100,000 da ke ninkuwa duk wata za ta zama 409,600,000 a wata 12. Mai irin wannan sana'a me zai yi da 200,000 ɗinka? Ashe ba ciniki ne ya haifi ƙarin da ka karɓa ba, kuɗin waɗanda suka shigo bayanka ne, wataƙila har da na ƙanwarka. Kafin a biya mutum ɗaya ninki sai an sami jarin mutum biyu, su biyun sai huɗu, huɗun sai takwas. Ranar da sababbin shiga suka ragu, ranar asusu ke rufewa. Haka MMM ta yi a Najeriya: ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016. CBEX kuwa ninki ta yi alkawari cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025. Biyan farko da ya kwantar maka da hankali tsaba ce ake watsa wa kaza.

Waɗanda suka daɗe suna tattalin dukiya ba sa tambayar nawa za a samu, sai sun ji daga ina ake samu. In amsar ta tsaya a kan "sirrin kamfani" ko wata na'ura da ba ta faɗuwa, sai su kama gabansu. Suna lura da ko ladan kawo mutane ya fi maganar haja ƙarfi, da ko asusun da ake tura kuɗin na wani mutum ne ba na kamfani ba. Takardar CAC da ake yaɗawa a guruf ba ta ruɗarsu, don rajistar suna ce kawai. Izinin karɓar jarin jama'a a hannun SEC yake, hukumar kula da kasuwar hannun jari, kuma ana duba sunayen masu rajista a shafinta. Alama ta ƙarshe ita ce ranar cirewa: a ce ana gyaran manhaja, ko ka ƙara biyan wani abu na "tantancewa" kafin a sakar maka naka. Ko sisi kada ka ƙara.

Abin da ya wajaba a kanka: ka tuba, ka daina kawo kowa, domin ladan kawo mutane cin dukiyarsu ne da ɓarna, wanda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana. Uwar kuɗinka 200,000 taka ce, kamar yadda aya ta 279 ta Suratul Baƙara ta nuna. Ƙarin 200,000 da ladan da ka karɓa ba naka ba ne. Ka fara da ƙanwarka da maƙwabcinka: yau ɗin nan ka gaya musu gaskiya su nemi cire jarinsu, in ya maƙale ka biya su daga wannan ƙarin. Abin da ya rage, in ba a san masu shi ba, a yi sadaka da shi a madadinsu. Ka adana rasit da saƙonnin da aka turo maka, ka kai rahoto ga EFCC ko SEC.

Wallahu a'alam.