Injiniya, Ka Kama Fanni Ɗaya

"Assalamu alaikum. Ni injiniyan lantarki ne, shekarata shida a Jidda, kuma komai ya lalace ni ake kira: janareta, iyakwandishan, har famfo. An yi mini tayi biyu: kula da aikin gini gaba ɗaya da ƙarin albashi, ko koyon gwajin na'urorin kare layin wuta a kan albashina na yanzu. Ina so in koma Kano wata rana. Wanne zan ɗauka?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ɗauki gwajin, domin ka riga ka zaga fannoni, zurfi ne ya rage maka.

Tun Yulin 2024 aka wajabta wa kamfani mai injiniyoyi biyar zuwa sama ya cike kashi 25 cikin ɗari na gurabensu da 'yan ƙasa, daga baya aka ƙara. A ganina kujerar mai kula da komai ce aka fi saurin miƙa wa wani. Amma wanda zai shiga tashar 13.8 kV, ya tura wa rile, wato na'urar kare layi, wutar gwaji, ya auna ko zai yanke layi cikin lokacin da aka saita masa, samun madadinsa sai an wahala.

Sai dai ka koyi dalilin aikin, kada ka tsaya ga maɓallan kamfani ɗaya. A nan wuta 60 Hz ce, a gida 50 Hz. Motar lantarki mai fol huɗu da ke juyi kusan 1800 a minti a Jidda, a Kano kusan 1500 za ta yi, famfon da take ja ya rage ƙarfi. Taransifomar da aka ƙera don 60 Hz kuma, idan aka ba ta baltejinta a 50 Hz, maganaɗisun cikinta zai ƙaru da kashi 20 cikin ɗari. Za ka ji gurnaninta ya canza, ta ɗau zafi ko babu lodi. Wanda ya san wannan lissafin, layin 11 kV da 33 kV na gida ba zai zame masa baƙo ba.

Kafin ka sa hannu, duba cewa sana'ar da ke kan igamarka da kwantiragin da ke Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, sun dace da rajistarka ta SCE, hukumar injiniyoyin Saudiyya, don sabunta igamar injiniya na rataye da ita. Ka kuma nace a rubuta ainihin aikinka a takardar shaidar aiki. Ni na yi shekara uku ina gwaji, wani kamfani ya rubuta mini "injiniyan fili" kawai, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, don na rasa aiki a kansa. Ka riƙe littafi: kwanan wata, tasha, irin rilen, sakamakon gwaji. Zai taimake ka ranar da za ka nemi rajistar COREN, hukumar injiniyoyin Najeriya, a gida.

Ƙarin albashin nan na san iyali na jiransa. Ka kira su ka yi musu bayani cewa kuɗin da kake aikawa ba zai ƙaru ba na shekara biyu, in sha Allah, kafin hannunka ya faɗa.